“Ba” ɗin Buɗewa da “Ba” ɗin Rufewa: Duba Korewa a Gajeren Saƙo

 

Abin da zan yi magana a kai yau harafi biyu ne kacal, “b” da “a”. Bahaushe yana buɗe jumlar korewa da “ba”, sau da yawa kuma ya rufe ta da wani “ba” ɗin: “ban zo ba”, “ba ta gani ba”, “ba za mu yarda ba”. Yaro ɗan shekara huɗu ya iya wannan a bakinsa, ba tare da kowa ya zaunar da shi ya koya masa ba. Amma da zarar magana ta bar baki ta koma kan waya, sai ka ga babban mutum mai hankali ya rubuta jumlar da ta ce akasin abin da ke zuciyarsa. Ina so mu ga dalilin haka, mu kuma ga yadda mutum zai duba saƙonsa kafin ya tura.

Mu fara da kunne, domin a can dokar take. Abin da muke rubutawa “ba” a farkon jumla, a baki ya kasu kashi-kashi. Ku faɗi “ba ta zo ba” ku saurari kanku. “Ba” ɗin farko gajere ne, murya tana ƙasa. To ku faɗi “ba ta zuwa”. Nan “ba” ɗin dogo ne, murya tana sama. Sai ku faɗi “ba ruwa a randa”, ko “ba ni da lafiya”. Wannan ya fara daga sama ya gangaro, shi ne masu nahawu ke kira karin faɗau, kuma ɗan'uwan “babu” ne. Na huɗu shi ne na “ba shi ba ne”, dogo mai karin ƙasa. Idan kuka jera su za ku ga wata ƙa'ida mai sauƙi ta fito da kanta: duk “ba” ɗin da ya buɗe jumla da karin ƙasa yana jiran na rufewa, wanda kuwa ya buɗe da karin sama ko faɗau shi kaɗai yake tafiya. Shi ya sa shuɗaɗɗen lokaci yake da biyu, “bai ci ba”. Lokaci na gaba ma biyu, “ba zai ci ba”. Sabau biyu, “ba yakan ci ba”. Kore suna biyu, “ba Audu ba ne”. Lokaci mai ci kuwa ɗaya ne, “ba ya ci”. Rashi ɗaya, “ba abinci”. Mallaka ɗaya, “ba shi da abinci”. Hani ma ba ya cikin wannan lissafi sam, domin da “kada” ko “kar” ake yin sa. Wanda yake son ganin wannan a shimfiɗe zai same shi a littafin nahawun Farfesa M.K.M. Galadanci na 1976, da na Paul Newman na 2000, da na Philip Jaggar na 2001.

Matsalar ita ce rubutun bokonmu ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Haka aka taso da shi tun ƙa'idojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, haka jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta bi tun daga 1939. A Nijar an taɓa ninka wasali don nuna tsawonsa bayan taron Bamako na 1966, daga baya aka bari, bayan taron daidaita rubutu da aka yi a Yamai a 1980. Ajami ya ɗan fi boko a wannan wuri, saboda yana bambanta dogon wasali da gajere. A boko dai, waɗancan “ba” huɗu duk sun zama abu ɗaya a ido. To da me mai karatu zai gane wanne ake nufi? Sau da yawa ba shi da wata shaida sai “ba” ɗin rufewa. A baki, na rufewa yana ƙarfafa abin da kunne ya riga ya ji tun farkon jumla. A rubuce kuwa, wani lokaci shi kaɗai ne yake ɗauke da lokacin aikin gaba ɗaya.

Ga saƙon da za mu yi aiki a kansa. Ni na tsara shi don wannan zama, amma irinsa ne ke yawo a wayoyinmu kullum. Ku ɗauka yaron wani ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau ya rubuta wa maigidansa da ya yi tafiya, ana jiran motar masara:

“Slm Alh. Ba asauke kaya a rumfarmu. Direba baizo saboda kudin mota ba. Bazan biyashi sai kazo. Bana da sauran kudi ba.”

Kada mu yi saurin zargin yaron. Yana tsaye cikin ƙura da hayaniya, da babban yatsa ɗaya yake rubutu. Saƙon tes guda ɗaya harafi 160 yake ɗauka, idan kuma ka sa harafi mai lanƙwasa ko da ɗaya ne, irin “ɗ” ko “ƙ”, sai ya koma 70. Wannan yana cikin abin da ya koya wa mutane datse magana da haɗe kalmomi, ɗabi'ar kuma ta bi su har WhatsApp, inda ba a ƙidaya musu harafi haka. Abin da ya fi sauƙin faɗuwa idan ana datsewa shi ne ƙaramar kalmar da ke can ƙarshe, bayan mai rubutu ya ji a ransa ya gama faɗin abin da zai faɗa.

Jumlar farko ita ce za ta fi cin lokacinmu. Ko mun raba kalmomin daidai, “Ba a sauke kaya a rumfarmu”, jumla ce lafiyayya, babu kuskuren nahawu a cikinta ko kaɗan, kuma nan haɗarinta yake. Alhaji zai karanta ta da dogon “ba” mai karin sama, ya fahimci cewa yanzu an daina sauke kaya a rumfar, wataƙila an hana, wataƙila hanya ta toshe. Mutumin da ya fahimci haka zai fara kiran waya yana neman wani sito, ya ce a karkatar da mota, ya yi cinikin 'yan dako a wani layi. Alhali abin da yaron yake nufi shi ne har yanzu kayan ba su iso an sauke ba: “Ba a sauke kaya a rumfarmu ba.” Wannan kuwa jira kawai yake buƙata. Jumla biyu, kalmominsu iri ɗaya daga farko har kusan ƙarshe, ɗaya tana ba da labarin halin da ake ciki, ɗaya tana ba da labarin aikin da bai auku ba.

Ya kamata mu san inda wannan tarko yake, domin ba kowace jumla ce take faɗawa cikinsa ba. Abu biyu ne suke haɗuwa. Na farko wakilin suna. Idan mai magana ne ko namiji guda da ake magana a kansa, siffofin sun bambanta tun daga farko: “ban” da “ba na”, “bai” da “ba ya”. Haka ma a daidaitacciyar Hausa “ba ki” da “ba kya”, “ba mu” da “ba ma”, “ba ku” da “ba kwa”, “ba su” da “ba sa”. Waɗanda suka zo iri ɗaya a rubuce su uku ne: “ba ka”, “ba ta”, “ba a”. Sai dai a Hausar yamma, wajen Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu na Nijar, ana cewa “ba mu zuwa”, “ba su zuwa” a lokaci mai ci, don haka ga mai wannan karin harshe tarkon ya fi faɗi, ya haɗa har da “mu” da “ku” da “su”. Wannan Hausa ce ingantacciya, mai ita dai sai ya ƙara sa ido.

Na biyu shi ne irin aikatau. Akwai aikatau da suke sauya kama a lokaci mai ci, su tona asirin lokacin da kansu. “Ba ta sha magani ba” da “ba ta shan magani”: wancan “n” ɗin ya isa shaida. Haka “ba a sayi gero ba” da “ba a sayen gero”, ko “ba ka ci tuwo ba” da “ba ka cin tuwo”. Idan mutum ya manta na rufewa a nan, ya rubuta “ba ta sha magani”, mai karatu zai ji jumlar ta gurgunce, ya gane an yi mantuwa. Amma akwai wasu aikatau masu yawan gaske da ba sa sauyawa idan karɓau yana biye da su: dafa, tura, rufe, sauke, kawo, aiko, sayar da. “Ba ta dafa abinci” suka ne ga halin mace. “Ba ta dafa abinci ba” labarin yini ɗaya ne. “Ba ka aiko kuɗi” ƙorafi ne mai nauyi da uwa za ta iya yi wa ɗa. “Ba ka aiko kuɗi ba” tuni ne kawai. Ku lura kuma cewa waɗannan su ne aikatau na harkar yau da kullum, na aike da ciniki da girki, wato ainihin abin da gajeren saƙo yake ɗauka.

To yaya za a duba? Hanya mafi sauri ita ce ka karanta a bayyane ka ji muryarka a kan “ba” ɗin farko. In ta faɗi ƙasa, nemi na rufewa. Idan kana inda ba za ka iya ɗaga murya ba, ko kunnenka yana shakka, ga gwaji biyu da ba sa ƙarya. Ka mayar da jumlar kanka: shin “ban sauke” kake nufi ko “ba na sauke”? In “ban” ne, dole a rufe. Ko kuma ka cire karɓau ka ga abin da aikatau zai yi. In ya zama “ba a saukewa”, da “wa” a ƙarshe, lokaci mai ci ne, ba ya son rufi. In bakinka ya kawo “ba a sauke ba”, ka ga amsa ta fito da kanta. Yaronmu da ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, da Alhaji bai tashi hankalinsa ba.

Jumla ta biyu tana da “ba” ɗin rufewa, sai dai wurin da aka ajiye shi ne abin dubawa: “Direba bai zo saboda kuɗin mota ba.” Ku ɗauki “ba” biyun nan kamar shingen gona: abin da ya faɗa tsakaninsu korewa ta ci shi, abin da ke waje ya tsira. A nan an shigar da dalili cikin shinge, don haka jumlar ta karkata ga ma'anar cewa direba ya zo, amma wani abu ne ya kawo shi, kuɗin mota ba shi ne dalili ba. Yaron kuwa so yake ya ce direba ya ƙi zuwa, kuma kuɗin mota ne sanadi. Sai ya rufe korewar da zarar aikin ya ƙare, ya bar dalili a waje: “Direba bai zo ba saboda kuɗin mota.” Idan kuma da gaske dalilin ake son korewa, Hausa tana da hanyar da ta fi wannan fitowa fili, wato a ɗauko dalilin a kai shi gaba: “Ba saboda kuɗin mota ya zo ba.” Na fi son marubuci ya bi wannan hanya duk lokacin da dalili ko mutum ko wuri ne abin korewa: “ba jiya ya zo ba”, “ba direba ne ya kira ba”. Mai karatu ba ya buƙatar ya kai ƙarshen jumla kafin ya san me ake musantawa.

Wannan ba ya nufin cewa “ba” ɗin rufewa wuri ɗaya tak yake da shi. “Bai zo jiya ba” da “bai zo ba jiya” duk Hausa ce, bambancinsu ɗan kaɗan ne. “Tukuna” ta fi son zama a bayansa: “bai zo ba tukuna”. Idan aiki biyu suka biyo juna a korewa ɗaya, sai a jira na biyun ya ƙare: “ba su zo sun gaishe mu ba”. Karɓau kuwa a ciki yake zama, kuma aikatau yana nuna hakan: muna cewa “ban san direban ba”, amma “ban sani ba ko ya taso”. A ta biyun an rufe korewa da wuri, shi ya sa “san” ya koma “sani”, aka bar doguwar maganar ta biyo baya. Wannan dabara ce mai amfani ga mai rubutu a waya: idan abin da zai biyo baya dogo ne, rufe da wuri, don kada ka yi nisa ka manta.

Jumla ta uku, “Ba zan biya shi sai ka zo”, mantuwa ce tsagwaronta. Lokaci na gaba koyaushe yana rufewa, kuma inda “sai” ta zo da ma'anar togiya ko sharaɗi, a gabanta ake rufewa: “Ba zan biya shi ba sai ka zo.” Haka “ban ga kowa ba sai mai gadi”, “ba za a buɗe ba sai Litinin”. Wannan kuskure bai kai na farko haɗari ba, domin “zan” ta riga ta bayyana lokaci. Inda ake samun ɓarna shi ne wajen gyara. Wani ya ji an ce a riƙa rufe korewa, sai ya ƙara wani “ba” a can ƙarshe don ya tabbata: “Ba zan biya shi ba sai ka zo ba.” Yanzu idon mai karatu zai iya tsinto “ba sai ka zo ba” a ciki, wadda ke nufin zuwanka bai zama dole ba. Yaro yana kiran maigida ya dawo, saƙo kuma yana ce masa ya yi zamansa. Saboda haka duban da nake nufi ya wuce a ga “ba” a wutsiyar jumla. Kowane na rufewa sai an san na buɗewar da yake amsawa.

Ta huɗu ta zo da ƙari maimakon ragi: “Bana da sauran kudi ba.” Korewar mallaka ba ta rufewa, don haka na ƙarshen nan bai da aikin yi. Irin wannan ƙari an fi jin sa a bakin masu koyon Hausa da girma, waɗanda aka ce musu korewa “ba” biyu ce suka riƙe hakan a ko'ina, har su ce “ba na so ba” ko “babu ruwa ba”. “Ba na da” kuwa ana jin ta a bakin mutane da dama, amma wadda aka san daidaitacciyar Hausa da ita ita ce “ba ni da”. Sai batun haɗewa, wanda zan taɓa a gurguje. Ƙa'idar rubutu ta yarda a haɗe “ban” da “bai” kawai, sauran a raba su: “ba na”, “ba ya”, “ba ta”, “ba ka”, “ba zan”. Dalilin a fili yake, domin “bana” da “baya” da “baka” kalmomi ne masu zaman kansu, “bata” kuma a wayar da ba ta da harafi mai lanƙwasa tana iya zama “ɓata”. Raba su yana kuma taimakon dubawa, saboda ido ya fi saurin ganin “ba” idan yana tsaye shi kaɗai.

Ga saƙon bayan gyara:

“Salamu alaikum, Alhaji. Ba a sauke kaya a rumfarmu ba tukuna. Direba bai zo ba saboda kuɗin mota. Ba zan biya shi ba sai ka zo. Ba ni da sauran kuɗi.”

“Ba” na buɗewa huɗu, idan muka lissafa da na cikin “bai”. Na rufewa uku. Na huɗun mallaka ce, shi ya sa ya tsaya shi kaɗai.

Kada wani ya tashi daga nan da tunanin cewa ƙidaya ta wadatar, a ce in an ga biyu a farko a nemi biyu a ƙarshe. Akwai wuraren da lissafi zai ruɗe ka, kuma amsar da Alhaji zai iya mayarwa ta ƙunshi uku daga cikinsu. A ce ya rubuto: “Ba na gaya maka ka kira shi ba? Ban ga lissafin buhunan da ba a ɗinke ba. Kuma ba ka ba ni lambar direban ba.”

Jumlarsa ta farko tana kama da lokaci mai ci da aka yi wa ƙarin rufi, amma ba haka ba ne. Ku faɗe ta ku ji: “ba” ɗin dogo ne mai karin ƙasa, ya rungumi jumla cikakkiya, “na gaya maka ka kira shi”, ya mayar da ita tambayar da ke tabbatar da cewa an faɗa. Idan mai gyara ya cire na ƙarshe, ta koma “ba na gaya maka”, wato wata magana dabam. Alamar tambaya a nan tana da aiki sosai, kada a bar ta. A jumla ta biyu korewa biyu ce, “ban ga” da “ba a ɗinke”, kowacce tana jiran rufi, amma da yake a wuri ɗaya za su ƙare, Hausa ba ta jera “ba ba”. Guda ɗaya ya ɗauke wa duka biyun. Wanda ya ƙidaya zai ce an rasa ɗaya, alhali jumlar cikakkiya ce. A ta uku kuwa “ba” uku ne, amma na tsakiya aikatau ne na bayarwa, ba shi da alaƙa da korewa. Gwajinsa shi ne ka musanya shi da “miƙa”: “ba ka miƙa mini lambar direban ba”. In musayar ta zauna, cire shi daga lissafi, ka duba sauran biyun.

Ga malaman makaranta da ke cikinmu, shawarata ita ce ku sa ɗalibai su kwafo saƙonnin da su da kansu suka tura a makon, su ja layi a ƙarƙashin kowane “ba”, su karanta a bayyane, su haɗa kowane mai karin ƙasa da abokinsa da kibiya. Ku fara da jumlolin “ba ka”, “ba ta” da “ba a” masu aikatau irin su tura da kawo da rufe, domin a can ne jumla take fitowa sumul alhali ma'ana ta sauya.